Hoton ya yi kyau, amma ba fuskata ba ce

Tambaya

Assalamu alaikum. Neman aiki nake yi, kuma ina buƙatar hoto mai kyau a shafina na LinkedIn. Ba ni da hoton situdiyo, sai na ɗauko wani salfi da na yi a cikin mota, na saka a manhajar ƙirƙirarriyar basira, na rubuta mata `make this a professional headshot`. Hoto ya fito tas: ga kwat, ga naktaye, ga farin bango. Amma fatata ta yi haske, hancina ya sirance, tabon da ke girata ya ɓace, har tabarau ɗina an canja mini. Na nemi gyara sau biyar, kullum sai ƙara nisa yake yi da kamannina. Ƙanwata ta ce kamar wani ɗan'uwanmu ne da ba mu taɓa gani ba. Me zan rubuta in samu bango mara tarkace, shigar ofis da haske daidai, kuma in fito a matsayin ni?

Wani mai neman aiki

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Za mu ba ka umarnin da za ka rubuta, amma ka sani rabin aikin ya ƙare tun kafin ka taɓa allon rubutu. Manhajar nan ba yanka fuskarka take yi ta liƙa a kan sabon bango ba, kamar yadda mai almakashi zai yi. Yawancinsu sabon hoto suke zanawa daga farko har ƙarshe, suna leƙen naka a matsayin madubi. Duk abin da suka gani sarai a salfinka, suna iya kwaikwayonsa. Duk abin da ba su gani ba, sai su cike gurbin da abin da suka saba gani a ɗimbin hotunan da aka horar da su. Nan gizo ke saƙar.

Abubuwa uku ka nema, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Canja bango bai shafi fuska ba, iyakarsa gefen gashi da kunne. Canja riga ya taɓa wuya da kafaɗa. Daidaita haske kuwa, wanda mutane ke ɗauka shi ne mafi sauƙi, shi ne mai cin fuska. Dalili shi ne inuwa ce ke bayyana siffar fuska a hoto: tudun hanci, zurfin ido, faɗin kumatu, duk da inuwa ake gane su. Idan ka ce a gusar da inuwar da ta rufe rabin fuskarka, ka ce ke nan a sake zana wannan rabin. A cikin mota haske daga taga ɗaya yake shigowa, rufin kuma ya tare na sama, sai kunci ɗaya ya ƙone da haske, ɗayan ya nutse a duhu. A ɓangaren da ya ƙone babu sauran bayanin fata, a ɓangaren duhun ma babu. Tabo ƙarami da ya faɗa cikin ɗayansu, ga manhaja, ba shi da bambanci da datti a jikin hoto, sai ta share shi.

Saboda haka shawararmu ta farko ita ce ka ajiye salfin motar nan, ka ɗauki wani. Minti goma ya ishe ka.

Ka nemi taga mai faɗi da rana ba ta dukanta kai tsaye, ka tsaya kana fuskantarta, tsakaninka da ita kamar mita ɗaya. Kashe fitilar ɗakin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: fitilar sama tana jefa inuwa a ƙarƙashin ido da hanci, kuma launinta ya sha bamban da na hasken rana, sai goshi ya fito ruwan ɗorawa, kumatu su fito da shuɗi-shuɗi. Manhaja idan ta ga launi biyu a fata ɗaya, sai ta zaɓar maka na uku. In ƙasan haɓarka ya yi duhu, shimfiɗa farin tawul ko farar takarda babba a kan tebur a gabanka, daidai ƙirji, yadda ba za ta shiga hoton ba. Za ta mayar da haske sama. Kada bayanka ya manne da bango, ka matso gaba kamar mita ɗaya don inuwarka ta faɗi ƙasa maimakon ta zana maka wani kai na biyu a bayanka.

Sai batun nisa, wanda ya shafi hancin nan naka. A shekarar 2018 mujallar likitocin gyaran fuska ta JAMA Facial Plastic Surgery ta buga wani lissafi da ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga inci 12, wato kusan santimita 30, yana sa hanci ya bayyana da ƙarin faɗin kusan kashi 30 cikin ɗari, alhali daga ƙafa 5, kusan mita ɗaya da rabi, hancin yana fitowa kusan yadda yake. Ba laifin kyamara ba ne, kusanci ne: hanci ya fi kunne kusa da waya, sai ya girma, kunnuwa su ƙanƙance su ɓuya a bayan kumatu. Manhajar ta san hoton situdiyo ba ya fitowa haka, don haka takan yi ƙoƙarin miƙe fuskar, kuma da ƙiyasi take yi, tunda ba ta taɓa ganinka daga nesa ba. Wani lokaci ta wuce gona da iri. Maganin shi ne ka ba ta fuskar da ba ta buƙatar miƙewa. Jingina wayar a kan wani abu daidai tsayin idonka, ka yi amfani da kyamarar baya, ka ja baya mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ka danna `2x` ko `3x` in wayarka tana da su, ka saita `Timer` a daƙiƙa 10. Ko kuma ƙanwar taka ta ɗauke ka, tunda dai ita ce alƙaliyar.

Kafin a danna, goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi. Kashe duk wani abu mai suna `Beauty`, `Retouch` ko `Filter`, domin wasu wayoyin a kunne suke zuwa, kuma sun riga sun goge maka tabo kafin manhajar ta gan shi. Kashe `Portrait` ma. Dusashewar da yake yi wa bango ta ƙarya ce, takan ci gefen kunne da ƙafar tabarau. A taɓa fuskarka a kan allo don waya ta auna haske da ita, ba da bango ba. Kafaɗunka biyu su shiga hoton a daidai, har zuwa tsakiyar ƙirji. A salfi kafaɗa ɗaya takan ɗago saboda hannun da ke riƙe da waya, kuma idan aka ɗora kwat a kanta sai ta fito a karkace kamar an rataye ta a ƙusa. In kana da riga mai kwala, ko wace iri ce, saka ta. Ka rage wa manhajar aikin ƙirƙiro inda wuyanka ya haɗu da riga, wurin da ta fi yawan yin kuskure bayan fuska.

In tabarau ɗinka suna walƙiya, kada ka cire su, kada kuma ka bar wa manhajar ta share walƙiyar, don za ta zana maka idanun da ba naka ba a ƙarƙashinta. Ɗan sunkuyar da haɓa kaɗan, ko ka ɗaga ƙafafun tabaran sama da kunne kaɗan yadda gilashin zai kalli ƙasa, walƙiyar za ta gushe. Ka ɗauki kamar goma, ka zaɓi wanda in ka buɗe shi sosai kana iya ganin tabon da silin gashin gira. Ka ɗora asalin fayil ɗin daga wayar. Wanda ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, ƙananan bayanan fata sun tafi. In dole sai an turo maka, a turo a matsayin `Document`.

Yanzu ga umarnin. Kalmomin da ka yi amfani da su ba su faɗi komai game da kai ba, sun dai kira wani nau'in hoto. Manhajar kuwa ta san nau'in da kyau: fata sumul, haƙora farare, muƙamuƙi a tsaye, kuma a cikin hotunan da ta koya daga gare su masu farar fata suna da rinjaye. Da ka ba ta sunan nau'in kawai, sai ta ja ka zuwa tsakiyarsa. Ba kanka farau ba. A 2023 wata ɗaliba 'yar asalin Asiya a jami'ar MIT da ke Amurka ta nemi wata manhaja ta mayar da hotonta irin na LinkedIn, sai ta dawo mata da fata mai haske da shuɗayen idanu, labarin ya yi ta yawo a jaridu. Manhajojin sun inganta tun daga lokacin, amma jan bai ɓace ba.

Don haka tsarin umarni mai kyau shi ne ka fara da abin da ba za a taɓa ba, sannan abin da za a canja, kowanne da sunansa. Mun rubuta shi da Turanci domin har yanzu manhajojin hoto sun fi kama bayani dalla-dalla da shi. Mun gina shi a kan abin da ka faɗa mana game da fuskarka. Mun ƙaddara cewa tabon yana girar da ke hagun hoton, tabaran kuma baƙaƙe ne, sai ka gyara in ba haka ba ne.

```
Edit this photo. Keep the same person: same face shape, nose,
skin tone, skin texture, hairline, expression and head angle.
Keep the small scar on the eyebrow at the left of the image.
Keep the same black-framed glasses.
Change only these:
Background: plain mid-grey, seamless, evenly lit.
Clothing: navy blazer, light blue collared shirt, no tie.
Lighting: soft, from the front, faint shadow under the chin.
Framing: head and shoulders, square, eye level.
```

Bari mu bi shi a hankali, don kowane layi da aikinsa.

`Edit this photo` yana gaya wa manhajar gyara ake so, ba sabon mutum ba. In ka ce `create` ko `generate`, ka sakar mata linzami. Sai jerin abubuwan da za a bari. Cewa "kada a canja fuskata" kawai bai wadatar ba, domin a wurin manhaja goge tabo da sirantar da hanci ba canja fuska ba ne, kyautatawa ce. Sai ka ambaci abu da sunansa yake zama abin kiyayewa. Duk abin da mutane ke gane ka da shi, sa shi a nan: wushirya, furfurar gemu, sanƙo, tawadar Allah a kumatu. Ka lura mun ce hagun hoton, ba hagunka ba. Kyamarar gaba takan juya hoto kamar madubi, manhajar kuma takan rikice tsakanin hagun mutum da hagun mai kallo, sai ka ga tabo ya yi ƙaura zuwa ɗaya girar, ko ya zama biyu.

Game da launin fata, `same skin tone` ya fi aminci a kan ka yi ƙoƙarin siffanta launinka. Da zarar ka rubuta sunan wata ƙabila ko nahiya, manhajar za ta jawo fuskar da take ganin ta dace da sunan, ta gauraya da taka. In ka gwada sau biyu har yanzu tana ƙara maka haske, to sai ka ƙara `deep brown skin, as in the original` ko abin da ya dace da kai, launi kawai, ba tare da wani laƙabi ba.

Bangon ruwan toka muka zaɓa da gangan, kuma a nan muna da ra'ayi mai ƙarfi. Farin bango yana da illa biyu. Ta farko, hotunan da ke da farin bango fat yawanci an haska su ne gaba ɗaya, to idan ka nemi fari, manhajar takan ɗaga hasken komai har da fatarka don hoton ya daidaita. Ta biyu, farin yakan zubo a gefen gashi da kunne ya bar wani siririn zobe mai ƙyalli, wanda shi ne abu na farko da ke tona asirin hoton da aka sarrafa. Ga kuma shafukan da kansu farare ne, sai kanka ya zama kamar yana shawagi ba iyaka. Ruwan toka matsakaici ba ya jan fata sama ko ƙasa, kuma yana rabuwa da baƙin gashi da kwat mai duhu. Kalmar `seamless` tana hana ta zana maka layin da bango ya haɗu da ƙasa ko kusurwar ɗaki. In wurin aikin da kake nema ya ce lallai sai fari, rubuta `light grey` tukuna ka gani. Sau da yawa ya wadatar.

A batun tufafi, `business attire` kalma ce mai faɗi, kuma duk inda ka bar faɗi manhajar za ta cike shi da ƙawa: hankici a aljihu, 'yar ciki, naktaye mai zane, wani lokaci har da bajo mai rubutun da ba ya karantuwa. Ka faɗi launi, ka faɗi guda nawa. Yadi mara zane ya fi, domin ratsi da ɗigo-ɗigo sukan karye a wurin ɗinki, layi ya taho daga kafaɗa ya ɓace a ƙirji. Mun cire naktaye saboda ƙullinsa na cikin abubuwan da ke yawan fitowa a murɗe, kuma yana ƙara rufe wuya, wanda ke sa manhajar ta sake zana tsayin wuyan. In a fagen aikinka ana sa shi, mayar da shi da `plain dark tie`, ka duba ƙullin da kyau. Ma'aunin dai shi ne ka zaɓi abin da za ka iya sakawa ranar ganawa. Riga mai ruwan sararin sama ta fi fara ƙal, don fara tana ƙwace ido daga fuska, musamman ga mai duhun fata.

Wani lokaci `no tie` yakan jawo naktayen da kake gudu, domin wasu manhajojin suna jin sunan abu su manta da "a'a" ɗin da ke gabansa. In ka ga haka, cire kalmar gaba ɗaya ka rubuta `open collar`. Wannan dabara tana aiki ko'ina a cikin umarni: faɗi abin da kake so ya kasance, maimakon abin da ba ka so.

Layin haske shi ne wanda za mu daɗe a kansa. Masu ɗaukar hoto idan suka ce haske daidai, ba suna nufin babu inuwa ko kaɗan ba. Abin da suke nufi shi ne bambancin ɓangarorin fuska biyu ya zama kaɗan, misali ɓangare ɗaya ya samu ninki biyu na hasken ɗayan, abin da suke rubutawa 2:1, kuma gefen inuwar ya zama mai laushi, ba kamar an ja layi da wuƙa ba. Idan ka rubuta `no shadows` ko `perfectly even lighting`, fuska za ta fito a baje kamar faranti, hanci ya rasa tudu, kumatu su yi faɗi, fata ta koma kamar roba. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Shi ya sa muka nemi haske mai laushi daga gaba, muka kuma roƙi 'yar inuwa a ƙarƙashin haɓa, wadda ita ce ke raba kai da wuya.

Amma ga abin da ya fi: in ka ɗauki sabon hoton a gaban taga yadda muka bayyana, haskenka ya riga ya daidaita. To sai ka goge layin hasken, ka sa wannan a madadinsa:

```
Lighting: keep the light on the face exactly as it is.
Match the background and clothing to it.
```

Da wannan ka cire wa manhajar dalilin taɓa fuskarka, ka bar mata bango da riga kawai. A cikin duk abin da muka faɗa, babu wanda ke kiyaye kamanni kamarsa.

Akwai kalmomin da za ka ga ana yawo da su a irin waɗannan umarnin, ka guje su: `flawless`, `handsome`, `perfect skin`, `cinematic`, `8k`. Ukun farko izinin canja maka fuska ne ƙarara. Ta huɗu tana kawo inuwa mai nauyi da launuka irin na fim, kishiyar abin da kake nema. Ta ƙarshe ba ta ƙara girman hoto ko da ɗigo ɗaya, sai dai ta sa fata ta yi wani kaifi na ƙarya. Kada kuma ka nemi murmushi in a salfin bakinka a rufe yake, domin haƙoran da za ka samu na aro ne. In murmushi kake so, yi shi a gaban kyamara.

Sai dalilin da ya sa gyara bayan gyara ke ƙara ɓata lamarin. Duk lokacin da ka ce "a ɗan gyara kaza" a kan sakamakon baya, manhajar tana sake zana hoton ne daga wanda ta zana, ba daga naka na asali ba. Kamar a yi ta kwafin takarda daga kwafi: na farko ya ɗan kauce, na biyu ya kauce daga kaucewar, kafin na biyar an yi nisa. Launi ma yakan ja zuwa ɗorawa a hankali. Ƙa'idar ita ce, in sakamako bai yi ba, kada ka gyara hoton, gyara umarnin. Buɗe sabuwar hira, sake ɗora asalin hoton, liƙa umarnin da ka gyara, a fara daga tushe. Canja layi ɗaya kacal a kowane gwaji don ka san wanne ne ya yi tasiri. Kuma da umarni ɗaya ka fitar da hoto uku ko huɗu, domin akwai sa'a a cikin aikin. Umarni iri ɗaya ba ya ba da hoto iri ɗaya sau biyu.

Misali, a ce ka gwada na farko, bango ya yi, kwat ta zauna, tabo yana nan, amma tabaran sun zama masu zagaye alhali naka masu kusurwa ne. Ba za ka rubuta `fix the glasses` a ƙasa ba. Za ka koma umarnin ka mayar da layin tabarau ya zama `same black rectangular glasses`, ka sake farawa da asalin hoton. A ce a na biyu tabarau sun dawo, sai kuma ka ga wuyanka ya yi tsawo kamar na zalɓe. Wannan alama ce manhajar ba ta ga isasshiyar kafaɗa ba, ko tana ƙoƙarin cike murabba'i ne da jikin da babu shi a hoton. Cire layin `Framing` baki ɗaya, ka bar ta ta bi girman hoton asali, daga baya ka yanke murabba'in da hannunka a wayar. In manhajar da kake amfani da ita tana da burushin zaɓar wuri, inda za ka shafa ɓangaren da kake so a canja, shafa bango da riga ka bar kai. Ko a nan ma ka duba, don wasu sukan taɓa abin da ke wajen inda ka shafa.

Wajen tantancewa kada ka yarda da idonka a kallon farko, domin kowa yana son ganin kansa ya ƙara kyau, kuma cikin daƙiƙa kaɗan ido yake sabawa da sabuwar fuskar. Jera asalin da sakamakon a cikin ma'ajiyar hotunan wayarka, ka riƙa shafawa daga wannan zuwa wancan da sauri. Abin da ya canja zai riƙa tsalle. Kalli faɗin hanci a ƙasa, tazarar idanu, kaurin leɓe, layin gashin goshi da siffar kunne. Launin fata kuwa, gwada goshi da goshi, sannan ka duba ko wuya da fuska launinsu ɗaya, don sau da yawa fuska takan yi haske wuya ya tsaya yadda yake. Buɗe idanun sosai: ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar ido ya kasance a wuri ɗaya a duka biyun. In na dama yana sama na hagu yana gefe, mai kallo zai ji wani abu bai yi ba ko da bai san mene ne ba. Bi ƙafar tabarau har kunne ka tabbata ba ta narke cikin fata ba. Kwalar riga ta zama tsayi ɗaya hagu da dama, maɓallai su jeru a layi.

Bayan nan ƙanƙantar da hoton ya koma kamar girman farcen babban yatsa, tunda haka yawancin masu ɗaukar aiki za su fara ganinsa. LinkedIn yana yanka hoto ya zama da'ira, kusurwoyi huɗun za su tafi, don haka ka bar ɗan fili a saman kai, fuskar ta ci kamar kashi 60 cikin ɗari na hoton. Fiksel 400 a kowane gefe, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, shi ne girman da ake ba da shawarar kada a gaza, kuma manhajoji da yawa suna fitar da kusan 1024, wanda ya isa har da ragi. A takarda ne abin ke da iyaka: 1024 a ingancin bugu na ɗigo 300 a kowane inci bai wuce santimita 8 da rabi da ɗoriya ba. Ka yi hattara da manhajojin ƙara girman hoto, domin masu "gyara fuska" a cikinsu suna sake zana ido da haƙori, su mayar da kai inda ka fito.

Iyakar wannan hoton ita ce shafin neman aiki, takardar bayanan aiki da makamantansu. Kada ka kai shi wurin fasfo, biza ko katin shaida. Hukumomin fasfo na Amurka da Birtaniya, alal misali, sun bayyana cewa ba sa karɓar hoton da aka sauya da manhaja, kuma sauya bango kaɗai ma sauyi ne. Ka kuma san cewa wasu manhajojin suna saka wa hotonsu alama: na Google suna ɗauke da wata ɓoyayyiyar alama mai suna SynthID, wasu kuma suna rubuta asalin hoton a cikin bayanan fayil. In an tambaye ka ko an sarrafa hoton, ka ce e, bango da riga. Kafin ka ɗora fuskarka ma, leƙa saitin manhajar ka ga ko akwai inda ake kashe amfani da hotunanka wajen horar da ita.

Idan ka tace ya rage saura biyu ko uku, tura wa ƙanwar taka su haɗe da sabon hoton tagar da ba a taɓa ba, kada ka gaya mata wanne ne wanne, ka tambaye ta wanne ne bai yi kama da kai ba. Duk wanda ta nuna, jefar da shi. In kuma duka na manhajar ta nuna, to ka ari kwat, ka koma gaban tagar nan da bango mara ado a bayanka, ka sa a ɗauke ka a `2x` daga mita biyu, ka yanke murabba'i ka ɗora shi haka nan.